Zan iya niƙa wa mahaifiyata maganin barci in zuba a kunu?

Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da shekara 74, ta samu shanyewar ɓarin jiki bara, kuma tun lokacin haɗiyar ƙwaya ke mata wuya. Wata uku ke nan likita ya rubuta mata bromazepam, rabin ƙwaya mai miligiram 3 kullum da dare, amma duk da haka barcin ba ya nisa. Yayana ya zo hutu daga Amurka ya bar mana nasa maganin, an rubuta Ambien CR 12.5 a jiki. Ranar Talata sai na fasa ba ta na likita, na niƙa ɗaya daga na Yaya na zuba a kunu da ƙarfe tara. Wajen sha ɗaya ta tashi za ta kewaya ta faɗi, magana ma ba ta fita sosai, kuma kafin ƙarfe huɗu idonta biyu. Maƙwabciyata ta ce da na sa mata ƙarƙashin harshe ya fi. Wanne zan niƙa, wanne zan raba, wanne zan sa a harshe? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka miki da alheri kan jinyar da kike yi.

Kafin mu shiga bayani, ki ɗauke kwalbar nan ta Yaya ki kulle ta, kada a sake ba Hajiya ko ɗaya, niƙaƙƙe ko ɗungurungum. Sannan ki duba ta da kyau. Idan kanta ya bugu a faɗuwar nan, ko tana kukan ƙugu, ko ta kasa taka ƙafa kamar yadda take yi kafin ranar, a kai ta asibiti yau, ba sai ranar da aka ba ku ba. Yawancin masu irin lalurarta suna shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, kuma a irin wannan hali bugun kai da ake ganin ba komai ba ne yana iya tara jini a ciki a hankali, sai bayan kwanaki a ga mutum yana yawan barci ko yana rikicewa.

Abin da ya faru daren nan yana da bayani, kuma haruffan nan biyu na CR su ne kan zancen. Sunan ainihin maganin zolpidem. Irin nasa na yau da kullum yana narkewa da zarar ya sauka ciki, ya shiga jini, ya kwantar da mutum cikin ɗan lokaci. Amma ba ya daɗewa: a kusan kowace awa biyu da rabi jiki yana fitar da rabin abin da ya rage. Shi ya sa yake taimakon wanda barci ya ƙi ɗauka, amma ba ya riƙe wanda yake farkawa tsakar dare. Domin wannan ne aka ƙera mai CR. Ƙwayar hawa biyu ce a manne. Hawa na farko yana narkewa nan take ya kawo barci. Na biyu an cuɗa shi da wani abu da ke kumbura ya yi yauƙi idan ya sha ruwa, sai maganin ya riƙa tsattsafowa daga cikinsa kaɗan-kaɗan tsawon awoyi. Kamar tulu ne mai ɗan huji a gindi, ruwan yana ɗiga har dare ya raba. Da kika niƙa, tulun kika fasa, ruwan ya malale gaba ɗaya.

Mu yi lissafin. Abin da ake ba mai shekarun Hajiya na zolpidem mai narkewa nan take miligiram 5 ne, ba a wuce haka. Idan mai CR ne, 6.25. A shekarar 2013 ma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta rage wa duk mata adadin zuwa waɗannan lambobi, ko da matasa ne, saboda an ga jikin mace ya fi jinkirin fitar da shi, har wasu na wayar gari da saura a jini suna tuƙi cikin magagi. To na Yaya 12.5 ne, wato ko da ta haɗiye shi yadda yake, ninki biyu ta sha. Da aka niƙa kuma sai ya koma 12.5 mai narkewa lokaci guda, ninki biyu da rabi na abin da ya dace da ita. Ƙari a kan haka, kin ɗauka tunda ba ki ba ta na likita ba a daren, babu shi a jikinta. Akwai. Shi bromazepam yana ɗaukar kusan awa 20 kafin rabinsa ya fita, a tsoho ma ya fi haka, kuma wadda ta yi wata uku tana sha kullum ba a rasa shi a jininta. Magani biyu ne suka haɗu a kanta, kuma dukansu wuri ɗaya suke dannawa a ƙwaƙwalwa. Wajen ƙarfe sha ɗaya maganin yana kan ganiyarsa, ga ƙafa ɗaya da ma ba ƙarfi. Zuwa ƙarfe uku ko huɗu kuwa awa shida ta wuce, mafi yawansa ya fita, hawa na biyun da zai riƙe ta kuma an riga an ƙarar da shi tun farkon dare. Ga faɗuwa, ga shi barcin da aka nema bai samu ba.

Taunawa ma niƙa ce, haƙori kawai ya maye gurbin cokali. Rabawa biyu kuma ba ta kuɓutar da irin wannan ƙwaya ba, domin an yaye rufin da ke jikinta, an kuma buɗe cikinta ga ruwa ta gefen da aka yanka, ga shi ba ta da tsaga, ba wanda zai ce miki rabin nan nawa ne a ciki. Saboda haka kada tunanin "to bari in ba ta rabi, ai 6.25 ke nan" ya zo miki.

Yadda za ki gane irinsu: ki karanta kwali, ba jikin ƙwaya ba. Idan bayan sunan magani kin ga CR, SR, XR, ER, XL, MR ko kalmar Retard, mai sakin kansa a hankali ne. Idan daga Nijar aka sayo, ko wata ƙasa mai Faransanci, za ki ga LP. Akwai kuma EC, wanda aka yi wa rufi don kada ya narke sai ya wuce tumbi. Duk waɗannan haɗiye su ake yi yadda suke. Amma kada rashin haruffan ya ruɗe ki. Akwai maganin barci mai suna Circadin, miligiram 2, mai sakin kansa a hankali ne alhali babu ko harafi ɗaya bayan sunansa, sai a ƙaramin rubutu. Ga kuma halinmu na sayen magani a ƙulle a farar leda, an rubuta 1-0-1 da biro, ba kwali ba takarda. Duk ƙwayar da ba ki ga kwalinta ba, kada ki niƙa ta sai mai harhaɗa magunguna ya faɗa miki sunanta da irinta.

Nan zan ɗan ratse, domin abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarki shi ne abin da ba ki ambata ba. Wadda ta samu shanyewar jiki ba a rasa ta da maganin hawan jini, kuma tunda haɗiya na mata wuya, ina kyautata zaton duk magungunanta kike niƙawa. Ki duba ko akwai nifedipine mai Retard ko SR ko XL a ciki, don ana yawan rubuta shi a wurinmu. Idan aka niƙa shi, jini na iya sauka ƙasa farat ɗaya, mutum ya ji jiri ya zube, ko jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya ragu, abin da ake gudu ke nan ga mai irin ciwonta. Haka tramadol mai SR idan an ba ta don ciwon jiki. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya a daren yau.

Yanzu na likita. Shi bromazepam na miligiram 3 ƙwaya ce ta gama-gari, babu wata dabara a cikinta, kuma galibi tana zuwa da tsaga a tsakiya don a raba ta. A Nijar akwai wanda ake kira Lexomil, miligiram 6, dogo ne mai tsaga uku, ana karya shi gida huɗu, kowane gida 1.5. Na kawo shi ne don idan wani ya sayo muku daga Maraɗi ko Damagaram, rabinsa ba rabin naku ba ne, cikakkiyar ƙwayarku ce. Kullum lambar miligiram ake dubawa, ba girman gutsure ba.

Rabawar ma tana da ƙa'ida. Wuƙar girki da haƙori ba sa raba daidai, ɓari ɗaya ya fi ɗaya, wani ya marmashe. Akwai ɗan akwatin roba mai reza a ciki da ake sayarwa a manyan kantunan magani, shi ya fi. In babu, ki ɗora ƙwayar a kan faranti busasshe, tsagar tana sama, ki danna gefe biyu da yatsu a lokaci guda. Ki raba guda ɗaya kawai, ki ba ta rabi yau, gobe ki ba ta ɗan'uwansa, ta haka in yau ya ɗan fi yawa gobe zai ragu, a kwana biyu lissafi ya daidaita. Kada ki zauna ki rarraba na wata guda ki tara a kwalba. Gefen da aka karya yana shan danshi, musamman da damina, kuma gutsattsarin sukan gogi juna su koma gari.

Niƙa shi fa? Irin wannan yawanci ana iya niƙawa, amma ki nuna wa mai harhaɗa magunguna ainihin kwalin da ke hannunki ya tabbatar miki, don kamfanoni da yawa ne ke yin sa. Idan ya ce to, ga yadda ake yi. Ki sa rabin ƙwayar a cikin cokali, ki danne da bayan wani cokalin har ya zama gari. Ban da turmin yaji, rabin maganin a jikin itacen zai maƙale. Ki cuɗa garin da cokali ɗaya ko biyu na abu mai kauri wanda ya huce, kamar kunu mai kauri ko ayaba da aka dama, ki ba ta nan take, sannan ki ƙara ɗan kunu ki suɗe cokalin da shi ki ba ta. Zuba shi a cikakken kofi kuskure ne: in ta sha rabi ta ce ta ƙoshi, ba ki san nawa ya shiga ba, in ta shanye ma wani yana kwance a gindin kofi. Kowane magani a niƙa shi shi kaɗai, kada a haɗa su a cokali ɗaya. Ta zauna tsaye sosai lokacin sha, ta kuma ci gaba da zama kamar rabin awa kafin ta kwanta. Kuma ki gaya mata cewa da magani a ciki. Tsohuwa in ta ji ɗaci a kununta ba a faɗa mata ba, gobe kunun ma za ta ƙi, ta fara zargin duk abin da aka miƙo mata.

Kada ki yi tsammanin niƙawar za ta ƙara masa ƙarfi ko sauri sosai. Ƙwaya ta gama-gari da ma cikin mintuna take wargajewa a ciki. Sauƙin haɗiya kawai kika samu.

Sai maganar maƙwabciyarki. Ba daga sama ta ɗauko ba, ta ji wani abu ne na gaskiya ta shimfiɗa shi inda bai kai ba. Ki ɗaga harshenki a madubi, za ki ga jijiyoyi shuɗɗa kwance ƙarƙashin fata mai laushi. Maganin da ya ratsa wannan fatar yana shiga jini kai tsaye ya nufi zuciya. Wanda aka haɗiye kuwa sai ya bi tumbi, ya shiga hanji, daga hanji jini ya kai shi hanta, hanta ta rage wani kaso, sannan saura ya zaga jiki. Amma wurin nan na ƙarƙashin harshe ɗan ƙarami ne, yawu kuma yana wanke shi kullum. Kafin magani ya bi ta nan sai an ƙera shi don haka: 'yar ƙwaya ƙarama, marar rufi, mai narkewa da ɗigon yawu. Irinsu ana rubuta SL a kwalinsu. Akwai lorazepam irin wannan, wanda yake narkewa cikin daƙiƙu kaɗan, a ce wa mutum kada ya haɗiyi yawu na minti biyu. Shi kansa zolpidem akwai nasa, har da wani ƙarami da aka yi wa wanda ya farka tsakar dare, miligiram 1.75 ga mace, 3.5 ga namiji, kuma sai in akwai sauran aƙalla awa huɗu kafin lokacin tashi. Ki lura, magani ɗaya ne da na Yaya, amma ga 1.75, ga 5, ga 6.25, ko wanne da siffarsa da lokacin shansa. Ba a ɗauko adadin wannan a ɗora wa wancan.

Irin na ƙarƙashin harshe ba a niƙa shi, ba a tauna shi, ba a kora shi da ruwa. Idan aka haɗiye shi, a waɗannan magungunan barci dai ba ya lalacewa, zai yi aiki ta hanyar ciki, sai dai an yi asarar ɗan saurin da aka ƙera shi dominsa. Saurin ma, in za a faɗi gaskiya, na mintuna ne, bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Akwai kuma wani iri da ake rikita shi da wannan, mai narkewa a saman harshe, ana rubuta ODT. Shi a baki yake narkewa amma da yawu ake haɗiye shi, ta hanji yake shiga jini. Amfaninsa sauƙin sha ne kawai.

To me zai faru in kika tura ƙwaya ta gama-gari ƙarƙashin harshen Hajiya? Za ta jiƙa ta zama dunƙule mai ɗaci, yawu ya taru, ta haɗiye mafi yawa, wani ya dalalo ta gefen bakin da ya shanye. Masu irin ciwonta sau da yawa ba sa jin abin da ya maƙale a kuncin ɓarin da ya mutu. Sai ta kwanta da gutsure a baki, barci ya ɗauke ta, ya zarce mata hanyar numfashi. Idan mai CR ne abin ya fi muni, tunda hawansa na biyu ba zai narke nan take ba, yauƙi kawai zai yi. Ko na SL na gaskiya, wanda ba kasafai ake samunsa a kantunanmu ba, likita zai yi nazari kafin ya rubuta wa wadda ba ta iya riƙe yawu a bakinta. Ki bar wannan shawarar.

Akwai abin da nake ganin ya fi duk wannan muhimmanci ga Hajiya, kuma shi nake so ki ɗora wa likita a kan tebur. Maganin barci yana sassauta tsokar maƙogwaro, yana rage ƙarfin tarin da mutum ke yi in abu ya sarƙe shi. Wadda da ma haɗiya ke mata wuya, an ƙara mata nauyi ke nan. Ki lura da ita wajen cin abinci: tana tari in ta sha ruwa? Muryarta tana komawa kamar mai kurkure bayan ta haɗiya? Tana yin zazzaɓi da tari lokaci zuwa lokaci? Waɗannan alamu ne cewa abinci na bin hanyar huhu. Ruwa tsinkakke ya fi sarƙe su fiye da abu mai kauri, abin da mutane da yawa suke ɗauka akasinsa ne. Likitocin tsofaffi ba sa son a daɗe ana ba mai shekaru irin nata wannan jinsin magani, saboda faɗuwa da karayar ƙugu da rikicewar tunani, kuma bayan 'yan makonni jiki yana sabawa, barcin ya koma yadda yake. Ina zaton abin da kike gani ke nan bayan wata uku. A ra'ayina tambayar da za a yi wa likita ita ce ko lokaci ya yi da za a fara janye shi, a nemi abin da ke hana ta barci: ciwon kafaɗar da ta shanye, fitsarin dare saboda maganin hawan jini mai sa fitsari da ake ba ta da yamma, barcin rana mai tsawo, goro ko shayi bayan la'asar, ko damuwar da takan biyo bayan wannan ciwo.

Amma kada ki yanke shi da kanki. Wadda ta yi wata uku tana shan bromazepam kullum, in aka tsayar farat ɗaya tana iya shiga rawar jiki, zufa, firgici, rashin barci mai tsanani, wani lokaci har jijjiga. Ragewa ake yi kaɗan-kaɗan cikin makonni, likita ne zai tsara. Kafin ku gan shi ki ci gaba da rabin ƙwayar da ya rubuta, ba ƙari ba ragi. Kada ki haɗa mata da Piriton, ko Phenergan, ko maganin tari mai kodin, ko tramadol, ba tare da saninsa ba, dukansu suna ƙara danne numfashi ko hankali. Ki ajiye mata fo kusa da gado, a bar fitila a kunne, wani ya kwana a ɗakin.

Idan kuma wata rana, ko ta wace hanya, aka sake samun irin na daren Talata, ga abin dubawa. Ki kira sunanta da ƙarfi ki girgiza kafaɗarta. In ta buɗe ido ta amsa, numfashi na tafiya daidai, ki kwantar da ita ta gefe ki zauna kusa. In ba ta farka ba, ko numfashinta bai kai goma a minti ba, ko yana yankewa, ko tana wani irin munshari mai kurkurar ruwa, ko cikin leɓenta da harshenta sun dushe sun yi toka-toka, a ɗauke ta zuwa asibiti nan take, tana kwance ta gefe a cikin motar. Kada a ɗura mata manja ko madara, kada a sa mata yatsa don ta yi amai. Mai magagi ba ya iya kare huhunsa, abin da aka ɗura can zai tafi.

Ranar da za ku je wurin likita, ki zuba duk magungunanta a leda ɗaya da kwalayensu, har da na Yaya da duk wani na gargajiya da ake ba ta. Ki faɗa masa ainihin abin da ya faru, da lokacin da kika ba ta, da lokacin da ta faɗi. Ki roƙi a duba haɗiyarta, a kuma bi magungunan ɗaya-ɗaya a rubuta miki a jikin kowane kwali wanda ake niƙawa da wanda ba a niƙawa. Waɗanda ba a niƙawa, kusan ko wanne yana da madadi, ko na ruwa ko wani iri mai narkewa nan take da za a raba shansa sau biyu ko uku a rana. Shi kuma Yaya, in kun yi waya, ki gaya masa nasa ma haɗiye shi ake yi ɗungurungum, kuma sai in yana da awa bakwai zuwa takwas na kwanciya a gabansa.